Koren allo da lambar gaba: yadda ake gano ƙasar da ke da motar jakadanci

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a fadarmu bakin babbar hanya, shayi na biyu yana kan wuta, sai ga wata doguwar farar mota ta fito daga wajen Tibiri ta nufi cikin Maraɗi. Allon lambarta kore ne. Ƙurarta ba ta gama kwantawa ba gardama ta tashi. Wani ya ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, don su ne masu fararen motoci. Wani ya ce ta Faransawa ce, aka tuna masa cewa ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun watan Janairun 2024. Sai ɗan ƙanwata, mai sayar da katin waya, ya juyo gare ni ya ce: «Kawu, ai abin ba wuya. Lambar da ke gaba ita ce lambar wayar ƙasa. In ka ga 227 tamu ce, in ka ga 234 ta Najeriya ce.»

Na shekara da shekaru ina cike takardun asiransin motoci, kart giris iri-iri sun bi ta hannuna, kuma wannan ce kuskuren da na fi ji a bakin mutane. Lambar da ke gaban allon jakadanci ba ta da dangi da lambar waya, ba ta da dangi da haruffan nan da ake mannawa a bayan mota irin RN na Nijar ko WAN na Najeriya. Lamba ce da ƙasar da ta karɓi baƙo ta ba shi a cikin kundinta, kamar yadda malamin lakkal yake ba yara lamba a littafin kiran suna. Yaron da yake na 6 a wannan aji yana iya zama na 17 in ya koma wata makaranta. Amurka kanta haka take: a Faris ita ce 6, a Barlin 17, a Nairobi 29, a Masko 004, a Landan kuwa lambobi biyar aka ware mata, daga 270 zuwa 274. Ƙasa ɗaya ce, kundi ne ya bambanta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Ka fara da kwafe allon yadda yake

Abu na farko ba ilimi yake so ba, natsuwa yake so. Rubuta lambar duka, daga hagu zuwa dama, ka bar fili a inda aka bar fili. In akwai harafi guda tsaye shi kaɗai a farko ko a ƙarshe, kada ka yar da shi don ƙanƙantarsa, sau da yawa shi ne mabuɗin. Ka rubuta launin allon da launin rubutun daban-daban. Ka lura ko akwai ƙaramin rubutu a sama ko a ƙasa.

Ina nanata wannan ne saboda ido ya saba da motocin gida, inda alƙaluman ƙarshe su ne suke bambanta mota da mota. Shi ya sa mutum yake riƙe na ƙarshen ya manta na farkon. A allon jakadanci kuwa na ƙarshen ba su faɗa maka komai sai cewa wannan ita ce mota ta kaza a gidan. Wane gida? Amsar tana gaba, inda ba ka duba ba.

Wa ya buga allon?

Kafin ka tambayi wace ƙasa ce ta aiko mai motar, tambayi wace ƙasa ce ta ba shi allon. A Maraɗi wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin muna kan mararraba. Motar da ta biyo hanyar Yamai zuwa Damagaram galibi allon Nijar gare ta, za ka ga RN a jikinsa. Wadda ta hauro daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa tana iya zuwa da allon Abuja, wanda a gurbin da aka saba rubuta sunan jiha aka rubuta CORPS DIPLOMATIQUE. In ka ɗauki lambar gaban allon Abuja ka neme ta a jerin Yamai, za ka sami suna, amma sunan wata ƙasa daban. Ba za ka ma san ka ɓata ba, domin amsar za ta yi kama da gaskiya.

Akwai wani ruɗu da ya keɓanta da mu. Tsofaffin allunan motocinmu suna farawa da lambar jiha: 1 Agadas, 4 Maraɗi, 7 Damagaram, 8 Yamai. Wanda ya tashi da wannan, in ya ga 4 ko 8 a gaban koren allo sai zuciyarsa ta ce masa Maraɗi ko Yamai. A allon jakadanci wannan gurbi ba na jiha ba ne, na ƙasar baƙo ne ko na ƙungiyarsa.

Haruffan tsakiya

Yanzu raba abin da ka rubuta gida uku: abin da ke gaban haruffa, haruffan kansu, da abin da ke bayansu. Haruffan ba su faɗar ƙasa, matsayin mai motar suke faɗa. A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, CMD na shugaban ofishin ne, wato jakada da kansa. CD na sauran jami'an diflomasiyya ne: mashawarta, sakatarori, jami'in soja na ofishin. A ƙasashe da dama CC na ƙaramin ofishin jakadanci ne, wanda yake kula da biza da fasfo da ƴan ƙasarsu mazauna waje. A Faransa ita kanta C guda ake sa wa wannan, K kuma na ma'aikatan ofis da masu aikin fasaha ne, waɗanda ba su kai matsayin diflomasiyya ba. Launi ma yana taimakawa a can: allon duka kore ne, amma rubutun CMD da CD ruwan lemo ne, na C da K fari.

Sauran ƙasashe kowa da nasa. Ingila tana sa D ga jami'in diflomasiyya, X ga sauran ma'aikatan da aka amince da su. Rasha, mai jan allo, tana sa CD ga motar jakada, D ga jami'ai, T ga masu aikin ofis da fasaha. Ka ga ke nan CD ɗin da yake na kowane jami'i a Faris, a Masko na mutum ɗaya ne. Ba sai ka haddace waɗannan ba. Abin da ake so ka gane haruffan matsayi ka ware su gefe, don abin da ya rage a hannunka ya zama guda biyu kawai: lambar ƙasa da lambar jeri.

Wanne ne na ƙasa, wanne ne na jeri? A yawancin wurare na ƙasa ne a gaba. Amma Suwizalan ta juya abin: lambar jeri ce take fara zuwa, ta ƙasa tana ƙarshe bayan ɗigo. Jamus kuma tana fara allon da sifili, sai lambar ƙasa a tsakiya, sai ta jeri, shi ya sa motar jakadan Amurka a Barlin take ɗauke da 0-17-1. In ba ka da tabbas, akwai gwaji mai sauƙi: nemi motoci biyu ko uku na gida ɗaya. Ɓangaren da bai canja ba shi ne na ƙasa, wanda yake canjawa shi ne jeri.

Yadda aka jera sunayen

Nan ne daɗin abin yake, kuma nan ne ake rarrabe mai sani da mai cita. Kowane kundi yana da hanyar da aka bi aka jera ƙasashe, kuma hanyoyin da aka fi bi guda uku ne.

Ta farko ita ce bin haruffa, amma da harshen mai masauki, kuma da sunan da ƙasar take amsawa a ranar da aka rubuta kundin. Dubi farkon jerin Faransa: 1 Afganistan, 2 Afirka ta Kudu, 3 Albaniya, 4 Aljeriya, 5 Jamus, 6 Amurka, 7 Masar. Bahaushe zai ce me ya kawo Jamus cikin masu harafin A? Sunanta da Faransanci da A yake farawa. Amurka kuma ba a ɗauke ta da dogon sunanta na hukuma ba, da sunan nahiyar aka jera ta. Masar ce ta fi ban mamaki: daga 1958 zuwa 1971 sunanta Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, kalmar Larabawa kuwa da A take farawa a Faransanci. Ta sauya suna, lambar ta zauna inda take. Haka Rasha take zaune can ƙasa a 115, wurin masu harafin U, domin gadon kujerar Tarayyar Sobiyat ta yi bayan rushewarta a 1991.

Darasin da ke ciki shi ne, in ka nemi ƙasa a inda harafinta ya kamata ya kai ta ba ka gan ta ba, tuna tsohon sunanta. Maƙwabtanmu biyu sun isa misali: Benin sai a 1975 ta bar sunan Dahome, Burkina Faso sai a 1984 ta bar nata tsohon sunan. Sannan ƙasashen da aka haifa bayan an rufe kundin ba a tsaga musu wuri a tsakiya, a wutsiya ake ƙara su, ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo. Saboda haka jerin haruffa yana tafiya daidai har wani wuri, daga nan sai ya watse. In lambar da ke hannunka babba ce, kusa da ƙarshen jeri, ka fi zaton ƙasa ce sabuwa ko wadda ta buɗe ofis daga baya.

Jamus ma haruffa take bi, da Jamusanci, sai dai ta ba Fadar Paparoma lamba 10 a kan gaba, domin wakilinta ne dattijon jakadu a can, sannan Masar ta biyo da 11. Ingila, tun 1979, tana farawa da 101 ga Afganistan, kuma tana ba ƙasa mai yawan ma'aikata lambobi fiye da ɗaya. Nijar tana da 221 ita kaɗai, Najeriya da ke biye da ita tana da 222 zuwa 224.

Hanya ta biyu ita ce bin tarihin zumunci: wanda ya riga zuwa ya riga samun lamba. Kenya ce misalin da ya fi fitowa fili. Da ta sami ƴanci a 1963 Jamus ta Yamma ce ta fara amincewa da ita, don haka har yau 1 CD a Nairobi na Jamus ne, 2 na Rasha, 3 na Habasha, 4 na Sin. Ingila da ta mulke ta tana can a 22. A irin wannan kundi sanin haruffa ba zai yi maka amfanin komai ba. A Masko ma 001 Ingila ce, 002 Jamus, 003 Kanada, 004 Amurka, jerin da ba harafin da zai fassara maka shi.

Ta uku ita ce rikita jerin da gangan. A Amurka ma'aikatar harkokin waje ce take ba da allon tun 1984, ba jihohi ba. Harafin farko matsayi ne, D ko C ko S, sai haruffa biyu na ƙasa waɗanda aka zaɓa don kada su yi kama da sunanta: YR Rasha, CY Sin. Na wakilan da ke Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok ana juya su, alƙaluma a gaba, haruffa a baya. Nan babu dabara, ko kana da jerin ko ba ka da shi.

Hoton da ya zo daga Faris

Bari mu bi misali guda daga kai har ƙafa. Kwanaki bayan gardamar fada, ɗan ƙanwar nan tawa ya zo ofis da wayarsa yana murmushi. Abokinsa da ke karatu a Faris ya turo masa hoton wata baƙar mota da ya gani a bakin titi, da wannan lamba:

```
U 226 CD 14
```

Ya ce: «To Kawu, yau ka yarda? 226 lambar wayar Burkina ce. Motar jakadan Burkina ce wannan.»

Na ce ya zauna mu bi ta a hankali. Wa ya buga allon? Kore ne, rubutu ruwan lemo, a titin Faris, siffarsa ta Faransa ce. Saboda haka kundin Faransa za mu buɗe, ba wani ba. Haruffan tsakiya CD ne, ba CMD ba, ke nan tun nan maganar jakada ta faɗi: motar wani jami'i ce. 14 ɗin ƙarshe lambar jeri ce, muka ajiye ta.

Saura U da 226. A tsarin Faransa ofisoshin jakadanci na yau da kullum lambobinsu daga 1 zuwa 199 suke. Daga 200 zuwa 399 na wakilan da ƙasashe suke ajiyewa ne a wasu manyan ƙungiyoyi da ke ƙasar, kuma harafin da ke gaba shi yake faɗar ƙungiyar: U na UNESCO ne, mai hedkwata a Faris, E na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OCDE, S na Majalisar Turai da ke Istirasbur. Lambar ƙasar ba sabuwa ake ba ta ba, 200 ake ɗora wa tsohuwar. Sai muka cire: 226 a debe 200, saura 26.

Kafin mu duba jeri na sa shi ya yi kirdado. In 7 tana cikin masu A, 45 kuma Ingila ce a wurin masu G, don da G sunanta na Faransanci yake farawa, ina 26 za ta faɗa? Ya yi shiru, ya ce wajen C. Burkina kuwa da B take farawa, tsohon sunanta ma da H. Ko ba jeri a hannu, ta fita daga zance. A jerin, 26 Sin ce. Amsar ke nan: motar wani jami'in diflomasiyya na wakilcin Sin a UNESCO, ba ta ofishin jakadancinta da ke hulɗa da gwamnatin Faransa ba. Da lambar ta kasance tsakanin 400 da 499, da ba ƙasa muke nema ba ma, ƙungiya ce da kanta, kamar 401 da take ta ma'aikatan UNESCO.

Don in ƙara masa haushi na ce, 226 ɗin nan da ya ɗauko, da a Landan aka gan ta da Oman ce. Ya ce shi dai an cuce shi, ya karɓi wayarsa.

In kana Maraɗi babu kundi a gabanka

Jerin Faransa, Ingila, Jamus da Kenya suna yawo a intanet, wanda ya nema zai samu, ko da yake wasu kwafin sun tsufa. Namu na gida kuwa sashen kula da baƙin jakadu na ma'aikatar harkokin waje a Yamai ne yake riƙe da shi, su ne suke amincewa da mai mota kafin a buga masa allo. Mai gadin otal, mai wankin mota ko mai sayar da mai a Maraɗi ba wannan takarda a aljihunsa. Amma yana iya haɗa nasa jerin da kaɗan-kaɗan, kuma na ga waɗanda suka yi.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce tuta. Yarjejeniyar Biyena ta 1961 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe, a sashe na 20, ta ba shugaban ofishin jakadanci damar ɗora tutar ƙasarsa a kan motarsa. In jakada ya zo ziyara wurin gwamna ko buɗe wani aiki, ka ga mota mai CMD da ƴar tuta a goshi, to ka sami lamba ɗaya da sunanta, tabbatacciya. Duk motar CD da ka ƙara gani da wannan lambar gaba, ta gidan ce. Shaida ta biyu ita ce takarda: kart giris ko takardar izinin tafiya da direba yake nunawa a otal ko a shinge tana ɗauke da sunan ofishin. Ta uku ita ce bakin direban. Yawancinsu ƴan ƙasa ne, in ka yi sallama ka ce «Malam, sannu da hanya, baƙin namu daga wane ofis?» sau da yawa zai faɗa maka ba wani ɓoye-ɓoye.

Shaidar da ba na yarda da ita ita kaɗai ita ce tambarin da ke jikin ƙofa. A Maraɗi yawancin fararen motocin da muke gani na ƙungiyoyi ne, musamman tun 2019 da ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwararo yankin Gidan Runji. Motar proje tana iya ɗaukar tutar ƙasar da ta ba da kuɗi manne a ƙofa, alhali allon na ƙungiyar da ke gudanar da aikin ne. Wanda ya haɗa wannan tuta da wannan lamba ya shigar da ƙarya cikin jerinsa. Fuskar mutanen ciki ma ba shaida ba ce. Bature a bayan mota bai sa ta zama ta Turai ba.

Ƙa'idata ita ce kada in rubuta suna gaban lamba sai na sami shaida biyu da ba su dogara da juna ba. In ka tara biyar ko shida tabbatattu, jera su daga ƙarama zuwa babba ka duba: sunayen suna bin haruffan Faransanci? In suna bi, kana iya kirdadon na tsakaninsu. In ba su bi, bar kirdado, ci gaba da tarawa.

Abu ɗaya kuma, don halin da ake ciki: wannan aikin ido ne da ƙwaƙwalwa. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton ayarin baƙi da rakiyar sojoji, kada ka tsaya ƙofar wani ofis kana rubuta lambobi. Za ka kwana kana bayani a inda ba ka so.

Ranar da abin ya zama na gaske

Wani maƙwabcina mai kabu-kabu, shekarun baya, wata mota mai koren allo ta goge shi a wani shataletale. Bai ji ciwo sosai ba, amma ƙafar gaban babur ta lanƙwashe, fitila ta fashe. Motar ta ɗan tsaya, mutane suka fara taruwa, direban ya tsorata ya ja. Da ya zo wurina da dare, abin da ya riƙe shi ne CD da alƙaluma biyu na ƙarshe, ya rubuta su da biro a tafin hannu, zufa ta fara cinye su. Na ce: «Maƙwabci, na gaban fa?» Ya ce ai bai ɗauka suna da amfani ba. Kusan kowane ofis yana iya samun mota mai wannan lambar jeri. Da na gaban ya riƙe ya manta na bayan, da mun san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da kuɗinsa ya gyara babur.

In irin haka ta same ka, hanyar ita ce ka kira ƴan sanda ko jandarma su yi konsta, lambar ta shiga takarda cikakkiya. Sashe na 22 na yarjejeniyar 1961 ya hana a bincike motar ofishin jakadanci ko a ƙwace ta, don haka kada ka sa ran za a kai ta komisariya a ajiye kamar ta kowa. Amma sashe na 41 ya wajabta musu bin dokokin ƙasar da suke ciki, kuma motocin suna da asiransi. Diyya ta hannun kamfanin asiransi take fitowa, in ta cije kuma hukuma ta rubuta wa ma'aikatar harkokin waje, ita ce mai magana da ofishin. Ka sani kuma kariyar da ake magana ta jami'i ce da ta motar ofis. Direba ɗan ƙasa ba ya zama jakada don ya zauna bayan sitiyari.

Ga dillalan mota ma akwai abin lura. Waɗannan motoci ba a biya musu kuɗin duwan ba lokacin shigowa. In ofis ya sayar da tsohuwar motarsa, allon ba ya bin ta: ana mayar da shi, mai saye ya biya duwan, a buga masa lambar gida. Duk wanda ya kawo maka mota a kasuwa da koren allonta a jiki yana cewa ai wannan ba mai tsayar da kai a hanya, nemi takardar duwan kafin ka taɓa aljihu.

Inda karatun allo yake ƙarewa

Ko ka bi matakan nan duka, akwai inda za su tsaya. Wasu ƙasashe suna ɓoye lambar da gangan saboda tsaro: a Ingila lambobi daga 350 zuwa 399 ba na kowa ba ne, kowane ofis yana iya neman ɗaya don kada a gane shi a hanya. Wasu jakadun kuma suna yawo da allon gida irin na kowa in ba aikin hukuma suka fita ba. A ɗaya gefen, wasu a Landan suna da allon ado da ke faɗar sunan ƙasar ƙarara, irin USA 1, wanda ba ya cikin tsarin lambobi ko kaɗan. Ƙaramin jakada na girmamawa, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne ɗan gari da wata ƙasa ta naɗa ya wakilce ta, a wurare da yawa motarsa allon gida gare ta, sai dai ya manna CC a gefe. Takardar mannawa mai CD ko CC kuwa kowa yana iya saya, ba ita ce allo ba.

Motar da ta tayar da gardama a fada ta sake wucewa ranar Lahadi da safe, ta nufi hanyar Yamai. Wannan karon ɗan ƙanwata ya riƙe lambar duka, har da filin da ke tsakani. Ya rubuta ta a bayan kwalin katin waya, gurbin suna kuma ya bar shi fari, yana jiran ranar da mai CMD ɗinsu zai zo da tuta.